Mayar da Adireshi Zuwa Lambobin Taswira: Yadda Ake Tsare Mabuɗi da Rage Kuɗin Tambaya

Duk manhajar da ke kai wa mutane kaya ko abinci har gida tana da aiki guda da ba ta iya guje masa. Mai saye yana rubuta adireshi da kalmomi, ita kuwa taswira ba ta san kalmomi ba, lambobi biyu kawai ta sani, wato latitud da lonjitud. Birnin Kano, alal misali, yana wajajen 12.0 arewa da 8.5 gabas. Aikin karɓar rubutaccen adireshi a dawo da waɗannan lambobi shi ne abin da kamfanin Google ke sayarwa da sunan Geocoding API, akwai kuma wasu masu irin wannan hidima kamar Nominatim da OpenCage.

Haɗa manhaja da hidimar ba shi da wuya, layi ɗaya ne:

```
https://maps.googleapis.com/maps/api/geocode/json?address=Kofar+Ruwa,+Kano&components=country:NG&key=MABUDI
```

Wahalar tana zuwa ne a ƙarshen wata, idan takardar biyan kuɗi ta fito. Galibi ba yawan masu saye ne ke kumbura wannan takarda ba. Abin da ke kumbura ta shi ne manhajar tana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, kowace maimaici kuma ana ƙirga ta a matsayin sabuwa.

Mabuɗi shi ne sunan da ake rubuta bashi a kai

Abin da ke ƙarshen layin nan na sama, bayan `key=`, shi ne mabuɗi. Jerin haruffa ne da lambobi da ake ƙirƙira a Google Cloud Console, kuma ba ya aiki sai an haɗa aikin da asusun biyan kuɗi. Ma'anar wannan a sauƙaƙe ita ce duk wanda ya riƙe mabuɗin yana iya aika tambaya, bashin kuma ya hau kan mai asusun. Google ba ya tantance wanda ya aiko, mabuɗin kawai yake dubawa, sai fa idan mai shi ya sa masa takunkumi.

Hanyoyi biyu ne mabuɗi ya fi fita ta cikinsu. Ta farko, a rubuta shi a cikin manhajar wayar kanta. Fayil ɗin da ake saukewa a waya ana iya warware shi a karanta abin da ke ciki, don haka mabuɗin da ke cikinsa tamkar an manna shi ne a bango. Ta biyu, a tura shi GitHub tare da sauran aiki. Goge shi daga baya ba ya magance komai, domin yana nan a tarihin ma'ajiyar. Mabuɗin da ya taɓa fita waje sai dai a ƙirƙiri sabo, a sauya shi a manhaja, sannan a kashe tsohon.

Tsarin da ya dace shi ne wayar mai saye ta tura adireshi zuwa uwar garke, wato kwamfutar da kamfani ke ajiye manhajarsa a kai, ita kuma uwar garken ta tambayi Google. Mabuɗin yana zaune a fayil ɗin `.env` da aka sa sunansa a `.gitignore`. Bayan haka sai a shiga shafin Credentials a sa takunkumi biyu. A ƙarƙashin Application restrictions a zaɓi IP addresses, a rubuta lambar uwar garken, ta yadda mabuɗin ba zai yi aiki daga wata kwamfuta ba. A ƙarƙashin API restrictions kuma a zaɓi Geocoding API kaɗai, ta yadda ko an sace shi ba za a iya kiran wasu hidimomi masu tsada da shi ba. Wanda ya zaɓi takunkumin adireshin shafin yanar gizo maimakon lambar uwar garke zai ga ana mayar masa da `REQUEST_DENIED`, domin wannan hanyar tambaya ba ta karɓar irin wancan mabuɗi.

Akwai wata fa'ida ta biyu a wannan tsari, wadda sauran bayanin nan ya dogara a kanta. Tunda duk tambayoyi suna bi ta ƙofa ɗaya, a wannan ƙofa ake iya ƙirga su, a kuma tare waɗanda aka riga aka san amsarsu.

Lissafin wata guda

Kafin ranar 1 ga Maris 2025, Google yana yafe wa kowane asusu dala 200 a wata. Daga wannan rana tsarin ya sauya, kowace hidima ta samu nata kason kyauta. Kason Geocoding API shi ne tambaya 10,000 a wata. Abin da ya haura haka, har zuwa 100,000, dala 5 ne a kan kowace tambaya 1,000. Da dala ake lissafin, saboda haka duk lokacin da canji ya motsa, abin da zai fita daga aljihu da naira yana motsawa tare da shi.

A ɗauka akwai wani ƙaramin kamfani a Kano da ke kai abinci daga shaguna 40, yana karɓar oda 300 a kullum. Kowace oda tana da adireshi biyu, na shago da na mai saye. Wanda ya gina manhajar ya rubuta ta yadda duk lokacin da aka buɗe shafin oda sai ta nemi lambobin adireshin biyu don ta nuna su a taswira. Ana buɗe shafin kamar sau huɗu: lokacin da mai saye ya yi oda, lokacin da shago ya karɓa, lokacin da mai babur ya duba inda za shi, da lokacin da mai saye ya dawo duba ko kayansa sun taso.

Oda 300 sau adireshi 2 sau buɗewa 4 ya ba da tambaya 2,400 a rana, wato 72,000 a kwana 30. Idan aka cire 10,000 na kyauta, saura 62,000, kuɗinsu dala 310.

Gyara na farko bai buƙaci wata dabara ba. A nemi lambobin sau ɗaya lokacin da aka yi oda, a ajiye su tare da odar, sauran shafuka uku su karanta daga nan. Tambayoyi sun sauko zuwa 600 a rana, 18,000 a wata. Na biya 8,000 ne, dala 40.

Gyara na biyu ya shafi shaguna. Rabin waɗannan tambayoyi, wato 9,000, duk a kan adireshi 40 ne da ba sa motsi. Idan aka tambayi kowane shago sau ɗaya a wata, 9,000 ta koma 40. Jimilla ta zama 9,040, ta shiga cikin kason kyauta, sai dai da ƙyar. Ƙarin oda 33 a rana ya isa ya fitar da ita.

Gyara na uku shi ne na masu saye da ke dawowa. A ɗauka cewa a cikin kowace oda goma, shida za su je adireshin da aka riga aka kai wa kaya a cikin watan. Idan manhajar tana tuna amsoshin baya, sababbin tambayoyi 3,600 ne kawai. Tare da shaguna sun zama 3,640. Kamfanin bai rage ko oda ɗaya ba, amma ya tashi daga dala 310 zuwa ba ko sisi, kuma kasuwarsa tana iya ninkawa bai fara biya ba.

Alamar da ake ajiye amsa da ita

Wannan gyara na uku shi ne ake kira ma'ajiyar amsoshi. Teburi ne a rumbun bayanai, kowane layi yana ɗauke da alamar adireshi, latitud, lonjitud, da ranar da aka samo su. Kafin uwar garke ta tambayi Google, sai ta fara duba teburin. In ta samu amsa, ta yi amfani da ita. In ba ta samu ba, ta tambaya, ta rubuta amsar don gobe.

Nasarar teburin ta rataya ne a kan alamar. Idan aka ɗauki rubutun mai saye yadda yake aka mayar da shi alama, da wuya a samu biyu da suka yi daidai. Mutum ɗaya yana iya rubuta "Lamba 12, Ƙofar Ruwa" yau, gobe ya rubuta "lamba 12 Kofar Ruwa", jibi ya taƙaita ya sa "Lamba 12 K/Ruwa". Gida ɗaya ne, amma a wajen kwamfuta adireshi uku ne, tambaya uku. Haka ake rubuta S/Gari a madadin Sabon Gari, T/Wada a madadin Tudun Wada, ko Naibawa a madadin Na'ibawa. Saboda haka sai an tsabtace rubutun tukuna:

```python
import re

HARUFFA = str.maketrans("ƙɗɓƴ", "kdby")
GAJERU = {"k/ruwa": "kofar ruwa",
          "s/gari": "sabon gari",
          "t/wada": "tudun wada"}

def alama(adireshi, gari):
    a = adireshi.lower().translate(HARUFFA)
    for gajere, cikakke in GAJERU.items():
        a = a.replace(gajere, cikakke)
    a = re.sub(r"['’]", "", a)
    a = re.sub(r"[^a-z0-9]+", " ", a).strip()
    return gari.lower() + "|" + a
```

Da wannan, rubutun nan uku duk sun koma `kano|lamba 12 kofar ruwa`. An sauya haruffa masu lanƙwasa da hannu ne da gangan. Dabarar da aka saba cire alamomin saman haruffan Faransanci da ita ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, domin a tsarin Unicode kowanne harafi ne mai zaman kansa, ba k ko d ko b da aka ɗora wa alama ba. Wanda bai sauya su ba, layin da ke share duk abin da ba harafin boko na Turanci ba zai cinye su, Ƙofar ta koma "ofar".

Sunan gari a gaban alamar ma ba ado ba ne. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai shi a Zariya. Tudun Wada kuwa akwai ta a Kano da Kaduna da Zariya da Gusau. Ranar da kamfani ya buɗe reshe a wani gari, ma'ajiyar da ba ta rarrabe garuruwa za ta ba mai babur na Kaduna lambobin wani gida a Kano. A nan ne haɗarin tsabtacewa yake. Idan ta yi kaɗan, asarar kuɗi kawai ake yi. Idan ta yi yawa har ta haɗe gidaje biyu, misali ta zubar da lambar gida, kaya ne za su je inda ba a aike su ba. Shi ya sa aka rubuta kowace taƙaitawa da cikakken sunanta, ba a ce duk "K/" ta zama Ƙofar ba, tunda wani da Kurna ko Kasuwa yake nufi.

Hanyar gane ko ma'ajiyar tana aiki ita ce a riƙa ƙirga abu biyu a kullum: sau nawa aka samu amsa a teburi, sau nawa aka fita tambaya. Idan masu saye suna dawowa amma adadin farko bai tashi ba, sai a jera alamomin bisa tsarin haruffa a karanta. Tagwayen da suka rabu saboda harafi ɗaya za su fito kusa da juna, daga nan a ƙara su a jerin taƙaitawa.

Abin da aka yarda a ajiye, da tsawon lokacinsa

Iya ajiye amsa daban, samun izinin ajiye ta daban. Sharuɗɗan Google sun yarda a ajiye latitud da lonjitud da aka samo daga Geocoding API na kwana 30 a jere, bayan nan dole a goge. Abin da aka yarda a riƙe ba iyaka shi ne `place_id`, lambar shaidar da Google ke ba kowane wuri. Wannan ne dalilin da ya sa a lissafin baya aka ce shaguna sau ɗaya a wata, ba sau ɗaya har abada ba. Teburin yana buƙatar aikin shara da ke gudana kowane dare yana goge lambobin da suka cika kwana 30, kuma sharar ta haɗa da lambobin da aka liƙa wa tsofaffin oda. Idan adireshin ya sake zuwa bayan an goge, ana iya tambaya da `place_id` ɗinsa a samu wurin nan dai, amma wannan ma tambaya ce da ake ƙirgawa. Haka kuma sharuɗɗan sun hana nuna waɗannan lambobi a kan taswirar da ba ta Google ba.

Wasu hidimomin ƙa'idarsu daban ce. Nominatim na jama'a, wanda ke aiki da bayanan OpenStreetMap, ba ya buƙatar mabuɗi ko kuɗi, kuma shi umarni ma yake bayarwa a ajiye amsoshi don kada a dame shi da maimaici. Sharaɗinsa shi ne kada a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa, a bayyana sunan manhaja a `User-Agent`, a ambaci OpenStreetMap a matsayin tushen bayanai, kuma kada a haɗa shi da akwatin da ke aika tambaya duk harafin da mutum ya danna. Wanda ya karya waɗannan ana toshe shi. OpenCage kuma yana ba da tambaya 2,500 a rana don gwaji, ya kuma yarda a riƙe amsoshi dindindin. Kafin a zaɓi ɗaya, gwajin da ya fi amfani shi ne a ɗauki adireshi ɗari na gaske daga unguwannin da ake aiki, a ga wanne ya fi gano su.

Amsar da ta zo daidai amma ba daidai ba

Ma'ajiya tana maimaita duk abin da aka zuba mata, har da kuskure. Adireshi da yawa a garuruwan Arewa kwatance ne, kamar "bayan masallacin Juma'a, gida na uku mai jan ƙyaure". Idan Google bai gane irin wannan ba, ba kullum yake cewa bai sani ba. Sau da yawa yakan dawo da `OK`, tare da lambobin tsakiyar unguwa ko tsakiyar gari. Abin da ke tona wannan shi ne `location_type` a cikin amsar. `ROOFTOP` yana nufin an gano ginin kansa, `APPROXIMATE` kuwa kintace ne. Idan kuma aka ga `partial_match`, wani sashe na adireshin kawai aka gane. Wata alamar ita ce a tarar da adireshi da dama mabambanta a teburi duk suna ɗauke da latitud da lonjitud iri ɗaya sak.

Irin wannan amsa ba ta cancanci a tura mai babur da ita ba. Abin yi shi ne a nemi mai saye ya ba manhaja izinin karanta inda wayarsa take yayin da yake tsaye a gida, a ajiye wannan tare da asusunsa. Lambobin da suka fito daga wayar mai saye ba amsar Geocoding API ba ce, don haka ƙa'idar kwana 30 ba ta hau kansu, kodayake bayanin sirri ne na mutum da ya wajaba a tsare. Shaguna 40 ɗin nan ma ana iya yi musu haka tun ranar rajista, tambayarsu ta wata-wata ta ɓace gaba ɗaya.

Amsar `ZERO_RESULTS`, wato ba a samu komai ba, ita ma a rubuta ta na kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba mai saye zai yi ta danna maɓalli, kowace dannawa tana fita waje. Amma saƙon kuskure irin `REQUEST_DENIED` ko `OVER_QUERY_LIMIT` ba a ajiye shi a matsayin amsar adireshi. A lura cewa waɗannan saƙonni sukan zo ne a cikin amsa mai lambar 200, wadda a al'ada ke nufin komai lafiya. Manhajar da ke duba lambar kawai, ba ta karanta `status` da `error_message` ba, za ta ɗauki kuskure a matsayin nasara.

Birki na ƙarshe

Ko da ma'ajiya tana aiki, kuskure ɗaya a sabon gyara yana iya sa manhaja ta yi ta zagaye tana tambaya har gari ya waye. Gudun da Google ke yarda da shi ya kai tambaya 3,000 a minti, wanda bayan kason kyauta ya ƙare daidai yake da dala 15 a kowane minti. Mutane da yawa suna saita Budgets & alerts su ɗauka sun ɗaure asusu. Wannan saƙon gargaɗi kawai yake aikowa, ba ya tsayar da ko tambaya ɗaya, kuma yakan iso a makare. Abin da ke tsayarwa shi ne iyakar tambayoyin rana da ake saitawa a shafin Quotas na hidimar.

Ga kamfanin misalin nan, 10,000 a raba wa kwana 31 ya ba da 322. Iyakar 320 a rana tana nufin 9,920 a wata mafi tsawo, ba za a taɓa fita daga kason kyauta ba. Matsakaicin buƙatarsa kuwa wajen 121 ne a rana, don haka akwai sarari. Ranar da ake taka-tsantsan da ita ita ce ranar farko, lokacin da teburi yake fanko. Adireshi 300 na masu saye da 40 na shaguna sun kai 340, sun haura iyaka. Maganinta a shigar da shagunan kwana ɗaya kafin a kunna sabon tsarin.

Idan iyakar ta cika, tambayoyi za su fara dawowa da `OVER_DAILY_LIMIT` ko `OVER_QUERY_LIMIT`. Na farkon yana iya nufin wani abu daban, kamar katin biyan kuɗi ya daina aiki, shi ya sa ake karanta `error_message`. In matsalar gudu ce, a dakata daƙiƙa 1, sannan 2, sannan 4, a haƙura bayan gwaji kaɗan. In iyakar rana ce, sake gwadawa ba ya amfani. Ranar Google tana sabuntawa ne da ƙarfe 12 na dare agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 9 na safe a Najeriya da Nijar daga farkon Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, ƙarfe 8 na safe a sauran watanni. Kason da ya ƙare da magariba ba zai dawo da tsakar dare ba, sai da hantsi. Saboda haka dole manhaja ta san abin da za ta yi a tsakanin: ta ci gaba da ba da amsoshin da ke teburi, ta karɓi sabuwar oda da wurin da wayar mai saye ta nuna, ta kuma aika wa mai kula da uwar garke saƙo tun adadin rana yana 250, kafin ƙofa ta rufe.